Yadda Hedimasta Yake Haɗa Rahoton Shekara Ga Kwamitin Makaranta

Wajen ƙarshen watan Yuli, idan zango na uku ya zo ƙarewa kuma an raba wa yara sakamako, akwai wani zama da ke jiran kowane hedimastan firamare. Shi ne zaman da zai tsaya gaban kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, ya faɗa musu yadda shekara ta kasance. Waɗanda ke zaune a gabansa mutanen gari ne: wakilin dagaci ko mai unguwa, liman, wakilan mata, wakilan iyaye da malamai, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, har da yara biyu daga cikin ɗalibai. A mafi yawan wurare hedimastan shi ne sakataren kwamitin. Da yawa daga cikin membobin ba su yi boko ba, amma sun san garin gida-gida, kuma sun san lissafin kuɗi sarai. Wannan shi ya kamata ya tsara yadda za a rubuta rahoton. Duk lambar da hedimasta zai faɗa, ya kasance akwai littafin da zai buɗe ya nuna inda ta fito, kuma ta kasance lambar da za ta sa kwamiti ya yanke wata shawara.

Saboda haka aikin yana farawa daga kabad ɗin ofis, mako biyu ko uku kafin ranar zama. Hedimasta zai fito da babbar rajistar shigar ɗalibai, da rajistar kiran suna ta kowane aji, da littafin sa hannun malamai, da takardun sakamakon jarrabawa, da littafin shige da ficen kuɗi tare da rasitai da takardar banki, da kuma littafin da yake rubuta abubuwan da suka faru a makaranta kullum. Zai kuma nemo rahoton bara da bayanan zaman da aka yi a kansa. Wanda ya zauna rubutu babu waɗannan a gabansa, abin da ke kansa zai rubuta, kuma abin da ke kai yakan fi abin da ke ƙasa kyau.

Sashe na farko shi ne yawan yara, kuma a nan ake yin kuskure mafi yawa. Hedimasta yakan faɗi lamba ɗaya, ya ce makaranta tana da ɗalibai kaza, ya wuce. Lambar nan ita kaɗai ba ta gaya wa kwamiti komai. Abin da ake bukata shi ne a nuna yadda adadin ya motsa daga Satumba zuwa Yuli.

A ɗauki misalin wata firamare ta ƙauye, da lambobin da aka tsara don nuna yadda lissafin ke tafiya. An buɗe shekara da yara 640, maza 350, mata 290. A tsakiyar shekara wasu 25 suka shigo. Yara 18 suka karɓi takardar canjin makaranta suka koma wani gari, biyu Allah ya yi musu rasuwa, 45 kuma suka daina zuwa ba tare da wani bayani ba. Idan aka haɗa 640 da 25, aka cire 18 da 2 da 45, saura 600. Dole ne wannan 600 ta yi daidai da jimillar sunayen da ke rajistar azuzuwa a makon ƙarshe. In ba ta yi ba, to akwai ajin da malaminsa bai soke sunan waɗanda suka tafi ba, ko akwai yaron da aka rubuta sau biyu, sau ɗaya da sunan yanka, sau ɗaya da sunan da ake kiransa a gida. Wannan na biyun yana faruwa sosai a aji ɗaya, inda za a tarar da Muhammadu Sani a shafi guda, Ɗanlami a wani shafin, alhali yaro ɗaya ne. Dole ne kuma lambar farkon shekara ta dace da wadda makaranta ta bayar a ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, domin ita ce ke ofishin Sakataren Ilimi, kuma da ita za a gwada duk wata bukata da makaranta ta kai.

Inda ya kamata hedimasta ya tsaya ya yi bayani shi ne kan yara 45 ɗin nan. A misalinmu 31 daga cikinsu mata ne, kuma mafi yawansu daga aji huɗu da biyar suke. Da zarar ya faɗi haka, zauren zai motsa, domin wakiliyar mata ta san wadda aka ɗora wa talla, ta san wadda aka sa wa rana, liman kuma ya san yaran da aka tura karatun allo wani gari. Sai dai ba a karanta sunayen yaran a bainar jama'a, don kada a kunyata wani uba a gaban surukinsa. A rahoto adadi kawai ake sawa, aji-aji, maza da mata daban. Jerin sunayen kuwa a takarda dabam ake miƙa wa shugaban kwamiti da wakiliyar mata, su ne za su bi gidajen.

Bayan adadin da ke rajista sai adadin da ke zuwa. Yaro yana iya zama a littafi shekara guda alhali bai yi kwana talatin a aji ba. Hedimastan da ya san aikinsa yakan zaɓi wasu ranaku a kowane zango ya zaga da kansa ya ƙirga kawuna, ya rubuta a littafinsa, saboda wasu malamai sukan cika rajistar mako gaba ɗaya ranar Juma'a da biro ɗaya. Alamar haka a bayyane take: aji mai yara ɗari, a ce babu ko ɗaya da ya yi fashi har tsawon wata guda, a tsakiyar damina. A makarantar misalinmu, ƙirgen kawuna ya nuna yara 430 ne ke zuwa a rana ta yau da kullum, wato kusan bakwai cikin kowane goma. Ranar kasuwar garin kuwa adadin yakan sauka zuwa 310. Haka yakan faɗi a makonnin girbi da farkon shuka. Wannan ita ce irin lambar da dagaci zai iya yin wani abu a kanta, ya sa a yi shela, ko ya tattauna da iyaye a kan a bar yara su yi karatun safe kafin su ɗauki farantin talla. Idan makaranta tana cikin shirin ciyar da ɗalibai, a faɗi watannin da abinci ya zo da waɗanda bai zo ba, a jera su kusa da adadin masu zuwa, kwamiti zai ga alaƙar da idonsa.

A nan ne kuma ake shigo da malamai da ɗakuna. Makarantar tana da malamai tara masu shiga aji, ga yara 600, kenan kowane malami yana da kusan 67. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, don haka makarantar tana bukatar malamai 17, ta gaza da takwas. Ɗakuna bakwai ne, amma iska ta yaye rufin biyu, an gyara ɗaya, shida ake amfani da su, yara ɗari kenan a kowane ɗaki in da duka za su zo. Ya dace hedimasta ya faɗi nawa ne cikin malaman ke da takardar NCE, nawa ne mata, da kuma jimillar kwanakin da aka yi fashin aiki kamar yadda littafin sa hannu ya nuna. Sunan malamin da ke fashi ba na wannan zama ba ne, wannan maganar tsakanin hedimasta ce da ofishin ilimi. Amma ɓoye jimillar ba shi da amfani, tunda iyaye suna ganin yaransu na dawowa gida tun kafin azahar.

Sashe na biyu shi ne sakamako. Jarabar da ke kama hedimasta a nan ita ce ya nemi kaso mafi daɗin ji ya faɗa. A misalinmu aji shida yana da yara 62. Waɗanda suka zauna jarrabawar shiga ƙaramar sakandare 48 ne, 40 suka ci. Idan aka auna 40 da 48, an samu kashi 83 cikin ɗari, abin tafi. Idan aka auna 40 da 62, kashi 65 ne. Duka lissafin biyu daidai ne, amma na biyun ne ya ƙirga yara 14 da ba su ko shiga ɗakin jarrabawa ba, kuma su ma 'ya'yan mutanen da ke zaune a wurin ne. Hanyar da ta fi ita ce a faɗi kawuna kafin kaso, kamar haka: “Ranka ya daɗe, yara 62 muke da su a aji shida, 48 suka zauna, 40 suka ci, 14 ba su zauna ba, kuma 10 daga cikin waɗannan 14 mata ne.” Wanda bai taɓa jin kalmar kaso ba ya fahimci wannan.

Akwai lambobi biyu da rahotanni da yawa ke tsallakewa, kuma su ne suka fi nuna lafiyar makaranta. Ta farko, cikin waɗanda suka ci jarrabawa bara, nawa ne suka je sakandaren da aka tura su? Wannan sai an tambaya, a je wurin firinsifal ko a aika malami. In bara ma 40 suka ci, aka tarar guda 29 ne suka yi rajista, to akwai 11 da nisan hanya, ko kuɗin yunifom, ko aure ya tsayar. Ta biyu, yaran aji shidan nan su nawa ne lokacin da suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce? Babbar rajista tana da amsar. In 130 suka fara, 62 suka kai ƙarshe, fiye da rabi sun zube a hanya, kuma rajistar za ta nuna a wane aji aka fi zubewa.

Sakamakon jarrabawar zango kuwa sai an yi hattara da shi, domin malamin da ya koyar shi ya fitar da tambaya, shi kuma ya yi maki. Abin da ke ba kwamiti hoto na gaskiya shi ne ɗan gwajin karatu. Hedimasta zai ɗauki rajistar aji uku, in yara ɗari ne ya zaɓi kowane suna na biyar, ya samu ashirin ba tare da son kai ba. Zai kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa gajeren labari na Hausa mai layi huɗu ko biyar wanda ba a taɓa karanta musu ba, yaro ya karanta da ƙarfi, a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. Aikin safiya ɗaya ne. In an yi shi gaban wani daga cikin membobin kwamiti ya fi kyau. Wanda ya taɓa zama wurin irin wannan gwaji ya san yadda yake: yarinya ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, ta kira haruffan ɗaya-ɗaya daidai, amma ta kasa haɗa su, sai ta ɗaga kai ta dubi malam. In shida ne cikin ashirin suka karanta, a rubuta shida. Badi a sake gwajin a irin wannan hanya, a ga ko shidan ta zama goma.

Sashe na uku, na kuɗi, shi ne wanda kowa ke kasa kunne a kansa, kuma shi ne ke ɓata sunan hedimasta ko da bai ci ko kwabo ba. Albashin malamai ba ya bi ta hannun makaranta, don haka ba ya cikin wannan lissafi. Abin da ke ciki shi ne duk kuɗin da ya shiga asusun makaranta ko na kwamiti. Ma'aji ne ya kamata ya karanta wannan sashe, bayan sun zauna da hedimasta sun daidaita littafi da rasitai.

Ana farawa da ragowar bara, kuma dole ta zama daidai da lambar da aka rufe rahoton bara da ita. A misalinmu naira 35,000 ce. Sai abin da ya shigo, kowanne da inda ya fito: tallafin gyaran makaranta 300,000, gudummawar mutanen gari 120,000, tsofaffin ɗalibai 60,000. Jimilla 515,000. Sai abin da ya fita: rufin ɗaki ɗaya 280,000, gyaran benci ashirin a kan 4,500 kowanne, wato 90,000, alli da rajista 45,000, gyaran famfon tuƙa-tuƙa 40,000. Jimilla 455,000. Saura 60,000, wanda littafi ya ce 52,000 na banki, 8,000 na hannun ma'aji.

Daga nan ne aikin gaske yake. An karɓo takardar banki sai aka ga 50,500 a ciki, an rasa 1,500. Kafin a fara kallon juna, a bi takardar layi-layi. Sau da yawa cajin banki ne da kuɗin saƙon waya da ba wanda ya shigar a littafi. A shigar da shi a matsayin kuɗin da ya fita, ragowa ta koma 58,500. Sannan akwai bashi. Kafintan da ya yi rufi yana bin makaranta cikon 25,000 na aikin hannu. In ba a faɗi wannan ba, kwamiti zai tashi yana ganin yana da kusan dubu sittin, ya tsara abin da zai yi da ita, alhali abin da ya rage masa na gaskiya 33,500 ne. Kafintan kuma yana iya kasancewa zaune a cikin taron.

Maganar rasit tana bukatar ɗan bayani, saboda a ƙauye ba kowane mai aiki ke da shi ba. Mai shagon kwano a birni zai bayar, amma magini da mai jakin da ya kawo yashi ba su da takarda. A nan sai a rubuta takardar karɓar kuɗi, a sa kwanan wata da aikin da adadin, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaida ɗaya daga kwamiti ya sa nasa. Kowace takarda a ba ta lamba, a rubuta lambar a gefen layinta a littafi. Layin da ya fi jawo zargi a kowane rahoto shi ne wanda aka rubuta “sauran abubuwa” aka sa masa kuɗi mai kauri. A farfasa shi, ko da zai kai layi goma. Tallafin da aka bayar don wani aiki na musamman kuma a nuna shi dabam, abin da ya zo da abin da aka yi da shi, domin wanda ya bayar zai tambaya, kuma karkatar da kuɗin rufi zuwa sayen alli, ko da da kyakkyawar niyya, yana iya hana makaranta samun na gaba. Tunda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, duk abin da iyaye suka bayar a rubuta shi a matsayin gudummawar da aka amince da ita a taro, tare da ranar taron, kuma rahoto ya iya cewa ba a kori yaro ko ɗaya saboda ita ba.

Kada a manta da gudummawar da ba ta kuɗi ba. Mangala arba'in na yashi, samarin da suka yi gayya suka ɗaga katanga, matan da suka ɗebo ruwan gini, duk a ambace su a shafinsu. Ba a haɗa su cikin lissafin naira, don kada littafi ya rikice, amma mutanen da suka ji an ambaci aikinsu a gaban dagaci su ne ke fitowa idan an sake kira.

Sashe na ƙarshe shi ne bukatu. Rahoton da ya jero abu ashirin, daga katanga zuwa kwamfuta zuwa motar makaranta, yakan ƙare da addu'a a watse. Uku ko huɗu sun isa, kuma kowace ta fito daga wata lamba da aka riga aka faɗa a sama. A makarantar misalinmu, 'yan mata 31 sun bar karatu, yawancinsu a shekarun da suka fara girma, makarantar kuma ba ta da banɗakin mata da ke da ƙofa. Wannan bukata ce da kwamiti zai iya ɗauka da kansa: a samo kiyasi daga magina biyu, a faɗi kuɗin, a nuna cewa 33,500 ke hannu, a faɗi cikon da ake nema da watan da ake son gamawa. Ɗaki na biyu da har yanzu ba rufi ya fi ƙarfin aljihun gari, don haka kwamiti zai rubuta takarda zuwa Sakataren Ilimi don ta wuce hukumar SUBEB, da hoton ɗakin da lissafin yara ɗari a aji. Ƙarin malamai ma ta wannan hanyar zai bi, kuma ya fi kyau a nemi abin da zai yiwu, a ce malamai uku, biyu mata, ɗaya na aji ɗaya, maimakon a rubuta takwas a zauna jira. Takarda irin wannan ta fi tafiya idan shugaban kwamiti da wakilin dagaci ne suka kai ta da ƙafarsu. Faɗuwar adadin masu zuwa ranar kasuwa kuwa ba ta bukatar ko sisi, aikin mai unguwa da liman da wakiliyar mata ne. A gaban kowace bukata a rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar da zai kawo bayani.

Rahoton kansa kada ya wuce shafi huɗu ko biyar. In ofishin ilimi yana son kwafin Turanci a yi masa, amma wanda za a karanta a zaure na Hausa ne, kuma a kai wa shugaban kwamiti da ma'aji nasu kwana uku kafin zama don su duba. Ranar zaman a rubuta manyan lambobi a kan allo, a ajiye rajista da rasitai a kan tebur inda kowa zai iya ɗauka. Kafin a shiga labarin bana, a fara da alkawuran bara, a faɗi wanda aka cika da wanda ba a cika ba da dalili. A ba yaran nan biyu da wakilan mata dama su yi magana da gangan, a kira su da suna, domin a gaban manya ba za su ɗaga hannu da kansu ba.

Idan an kammala, a shigar da gyare-gyaren da kwamiti ya yi, shugaba da sakatare su sa hannu da kwanan wata. Kwafi ɗaya ya zauna a fayil ɗin makaranta, ɗaya a hannun shugaban kwamiti, ɗaya ya tafi ofishin Sakataren Ilimi, shafin kuɗi kuma a manna shi a allon sanarwa. Kwafin da ke hannun shugaban kwamiti yana da amfani na musamman, domin ana iya canza wa hedimasta wurin aiki a cikin hutu, kuma wanda ya gaje shi a Satumba daga wannan takarda zai san cewa yara 600 ya karɓa, da naira 58,500, da bashin kafinta 25,000.